Daga Tulin Lacca Zuwa Kundin Bita: Yadda Ake Tsara Karatu Bisa Maudu'i

Littafin da ɗalibi yake rubuta lacca a ciki yana bin jadawalin malami ne. Ranar Litinin an yi kaza, ranar Alhamis an ɗora, mako na gaba malamin ya yi tafiya wani ya shigo a madadinsa ya ɗauko wani abin daban. Ita kuwa takardar jarrabawa babu ruwanta da wannan jadawali. Ba za ta ce ka kawo abin da aka faɗa a mako na shida ba. Cewa za ta yi ka bayyana yadda jiki yake daidaita ƙarfin bugun jini, kuma amsar tana warwatse a wurare uku ko huɗu cikin littafin, tsakanin wani da wani shafi talatin.

Mu ɗauki wannan tambayar ma mu yi aiki da ita, domin ɗaliban aikin jinya da na likita da na kimiyyar lafiya duk suna cin karo da ita a darasin yadda sassan jiki suke aiki. A laccar zuciya, wajen farkon zango, ɗaliba ta rubuta cewa zuciyar babba tana bugawa kamar sau 70 a minti, kowane bugu tana tura jini kamar mililita 70, wato kusan lita 5 ke nan a minti. Bayan mako biyu, a laccar jijiyoyin jini, ta rubuta cewa idan ƙananan jijiyoyi suka tsuke, ƙarfin bugun jini yana hawa. Can tsakiyar zango aka zo kan ƙoda, wani malamin ya ambaci sinadarin renin. Dab da ƙarshe, a laccar sinadaran da jiki ke fitarwa, sai ga aldosteron. Duk ta rubuta, babu abin da ya kuɓuce mata. Amma idan ta buɗe littafin daga farko tana bin sa har ƙarshe, abubuwa huɗu za ta karanta, alhali labari ɗaya ne aka ba ta gutsi-gutsi.

Abin da yawancin ɗalibai suke yi a nan shi ne su sayo sabon littafi su fara kwafe tsohon da kyakkyawan rubutu. A ganina wannan ɓata dare ne. Hannu yana aiki, kai yana hutawa, kuma bayan an gama, tsarin nan na kwanan wata yana nan yadda yake.

Aikin gaske yana farawa da abin da bai fi minti ashirin ba: sa wa kowane shafi lamba. Littafin farko A1, A2, har ƙarshe. Na biyu B1, B2. Takardun da malami ya raba ko aka yi hotonsu su ma a ba su harafinsu. Wanda ya tsallake wannan zai gane kurensa daga baya, lokacin da ya ga wani adadi a kundin bitarsa yana shakkar sa, ya rasa inda ya samo shi.

Sai fitar da kanun maudu'ai, kuma nan ne ya kamata a daɗe. Kada a ɗauko su daga kanun laccocin, domin yin haka komawa gidan jiya ne. Wurare biyu ake dubawa. Na farko manhajar kwas ɗin da sashe ko malami ya bayar a farkon zango. Na biyu tambayoyin jarrabawar shekarun baya, gwargwadon abin da aka iya samu. Manhaja tana nuna iyakar gonar, tambayoyin baya kuma suna nuna yadda masu jarrabawa suke yanka ta. Idan manhaja ta ce zuciya, ƙoda, huhu, amma tambayoyin suna ta dawowa kan daidaita bugun jini da daidaita ruwan jiki, to waɗannan biyun sun cancanci kanun kansu ko da babu wata lacca ɗaya mai ɗauke da sunansu. Ga kwas na zango guda, kanu takwas zuwa goma sha biyu sun wadatar. Idan sun kai talatin, laccocin aka sake jerawa da wasu sunaye. Idan uku ne kacal, kowanne zai kumbura har ya zama wani tulin.

Gara ma a rubuta kowane kai a matsayin tambaya. Kalmar "ƙoda" kawai ba ta gaya maka abin da za ka ɗauka da abin da za ka bari. Amma "Me jiki yake yi idan bugun jini ya faɗi?" tana tace maka kayan da kanta.

Daga nan a ɗauki fensir a bi littafin daga farko zuwa ƙarshe sau ɗaya, da sauri, ba don haddacewa ba. A gefen kowane sakin layi a sa lambar maudu'in da ya faɗa ciki. A gefe guda kuma a ajiye takarda ɗaya, ƙarƙashin kowane kai ana rubuta shafukan da aka same shi. Idan an gama, ƙarƙashin bugun jini ɗalibarmu za ta ga wani abu kamar A14, A22, B9, B31. Sakin layin renin zai samu lamba biyu, ta ƙoda da ta bugun jini. Kada wannan ya dame ta. Wuraren da suka ɗauki lamba biyu su ne mahaɗar darasin, kuma daga nan malamai suka fi son ciro tambaya mai maki da yawa. A yi cikakken bayaninsa a wuri ɗaya, a ɗaya wurin a rubuta "duba maudu'i na 4".

Yanzu sai rubutun kansa. A yi shi a warwarar takardu da za a zuba a fayil, kowane maudu'i da nasa, saboda littafi ɗinkakke ba ya barin a cusa shafi a tsakiya idan ƙarin bayani ya zo. Mai kwamfuta ya buɗe wa kowane maudu'i nasa shafin, hikimar ɗaya ce. Ɗalibar ta karanta shafukan nan huɗu a jere, ta rufe littafin, ta rubuta amsar da bakinta. Abin da zai fito kusan haka ne: ƙarfin bugun jini ya dogara da abu biyu, yawan jinin da zuciya ke turawa a minti da kuma tsukewar jijiyoyi. Idan ya faɗi, ƙoda tana ji, sai ta saki renin. Renin yana tayar da jerin sauye-sauye da ke ƙarewa da anjiyotensin na biyu, wanda yake tsuke jijiyoyi, ya kuma sa ƙullin da ke saman ƙoda ya saki aldosteron. Shi kuma aldosteron yana sa ƙoda ta riƙe gishiri, ruwa ya bi gishirin, jini ya ƙaru, bugun ya dawo daidai. Layi bakwai ko takwas, da ɗan zane mai kibiyoyi a ƙasa, da lambar shafi a gefen kowane batu. Sai ta buɗe littafin ta gyara abin da ta kuskure da biro mai wani launi, don ta san inda ƙafarta take zamewa.

Dalilin rufe littafin ba camfi ba ne. A 2006, masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun gwada ɗalibai: wasu suka maimaita karanta wani rubutu, wasu suka karanta sannan suka yi ƙoƙarin tuno shi da ka. Bayan 'yan mintoci masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan mako guda masu tunowa da ka sun fi su riƙewa nesa ba kusa ba. Wannan ya sa maimaita karatu yake yaudara: a daren kana jin ka iya, a ɗakin jarrabawa sai ka neme shi ka rasa.

Haɗa shafukan wuri ɗaya yana tono abubuwa biyu da tsarin kwanan wata yake ɓoyewa. Na farko giɓi. Za a ga wani kai a takardar ba shi da shafi ko ɗaya a ƙarƙashinsa, ko yana da guda tak. Ko dai ranar ba ka shiga aji ba, ko malamin bai kai wurin ba, kuma rashin kaiwarsa ba ya hana tambayar fitowa. Yanzu ka san takamaiman abin da za ka aro wurin abokin karatu ko ka nema a laburare, maimakon ka ɗauki littafinsa gaba ɗaya ka kai wa mai hoto.

Na biyu saɓani. Ɗalibarmu tana iya ganin cewa a A22 ta rubuta hawan jini yana farawa daga 140/90, a B31 kuma ta rubuta 130/80. Kafin ta soke ɗaya tana zaton kunnenta ne ya ji ba daidai ba, ta bincika. A nan duka biyun suna da tushe: Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da 140/90, ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka kuma sun sauke iyakar zuwa 130/80 a 2017. Abin da ya dace ta rubuta duka biyun a kundinta, kowanne da mai shi, sannan ta tambayi malamin wanne yake so a kawo masa. Wani lokacin kuwa kuskuren rubutu ne zalla, sifiri ya ƙaru ko ya ragu, littafin darasi ne zai raba gardama. Da littafin laccar kawai take bi, da ta haddace duka biyun a ranaku daban-daban ba tare da ta lura suna karo ba.

Yaya za a gane kundin ya yi? A ɗauko tambaya ɗaya daga jarrabawar baya wadda ba a yi amfani da ita wajen fitar da kanu ba. Idan takarda ɗaya ko biyu daga fayil ɗin sun isa a amsa ta, tsarin ya zauna. Idan sai an buɗe biyar, an yanka maudu'an ba a gaɓa ba, sai a haɗe wasu. Akwai kuma ma'aunin kauri: kundin da ya kai rabin littafin asali kwafe aka yi. Shafi ɗari na lacca bai kamata su haifi fiye da ashirin ba.

Hanyar tana da iyaka. A darussan da ake ɗora bulo kan bulo, irin su lissafi da nahawun Larabci, jerin da malami ya bi sau da yawa shi ne jerin fahimta, don haka a can ba a wargaza shi. Abin da ake tarawa shi ne nau'o'in tambaya da hanyar warware kowanne, da misali ɗaya da aka yi har ƙarshe. Sannan akwai maganar lokaci. Kowane maudu'i yakan ci awa ɗaya zuwa biyu, wato kwas mai kanu goma zai iya cinye maraice biyar ko shida, ga kuma sauran kwasakwasai suna jira. Wanda ya fara tun tsakiyar zango, yana sa lambobin gefe a ƙarshen kowane mako, ba zai ji nauyin ba. Wanda jarrabawa ta rage masa kwana uku kuwa kada ya soma rubuta kundi. Ya tsaya a takardar nan ta kanu da lambobin shafi, ya zaɓi maudu'ai uku ko huɗu da suka fi yawan fitowa a tambayoyin baya, ya karanta shafukan kowanne a jere, ya rufe littafin ya amsa da ka.