Me ya sa masana'antar amoniya ba ta neman yawa a zagaye ɗaya?

Buhun takin yuriya da manomi ke saya da damina, asalinsa amoniya ce, ita kuwa ana haɗa ta ne daga naitirojin na iska da haidirojin da galibi ake cirowa daga iskar gas. Fritz Haber ne ya nuna hanyar a Karlsruhe a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da ita masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913. Ga haɗin:

N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃ (ΔH = −92 kJ/mol)

Haɗin yana tafiya gaba da baya, kuma tafiyarsa gaba zafi take fitarwa. Bisa ƙa'idar Le Chatelier, sanyi ne ke ƙara yawan amoniya idan abubuwa suka daidaita. To amma ƙwayoyin naitirojin biyu a ɗaure suke da ɗauri uku, mai wuyar tsinkewa, don haka a cikin sanyi sai a yi ta jira ba a ga komai ba. Idan aka ƙara zafi, aiki zai yi sauri, amoniyar kuma ta ragu. Shi ya sa ake tsayawa tsakanin digiri 400 da 450 a ma'aunin Salshiyas.

Ɗalibai da yawa a nan suke ajiye alƙalami, su ce an raba gardama. A ganina wannan bai isa ba, domin katalis ne ya yanke wannan adadin. Katalis ɗin ƙarfe, wanda Alwin Mittasch ya gano, ba ya aikin kirki idan zafi ya yi ƙasa da kusan digiri 400. Ba ya ƙara amoniya ko kaɗan a ma'aunin daidaito. Gaggauta isa can kawai yake yi. Kuma yana da laulayi: ɗan sulfa ko mahaɗan oksijin a cikin iskar da ake shigarwa na kashe masa kaifi. Alamar ita ce amoniyar da ke fita ta riƙa raguwa alhali ba a taɓa matsi ba, har sai an ƙara zafi kafin a samu abin da aka saba.

Matsi kuwa ba ya cikin wannan ja-in-ja. Mol huɗu na iska ne ke komawa mol biyu, saboda haka ƙarin matsi na ƙara yawa, yana kuma ƙara sauri. Kuɗi ne ke taka masa birki. Injin matsa iska na shan makamashi mai yawa, tukunyar haɗin da bututunta kuma sai sun yi kauri. Bosch ya ɗanɗana kuɗarsa: haidirojin mai zafi a ƙarƙashin matsi yakan cinye kabon da ke cikin baƙin ƙarfe har tukunya ta tsage. Sai ya yi wa cikinta rufi da ƙarfe mai taushi, ya huda ƙananan ramuka a bangon waje domin haidirojin da ya ratsa ya fice. Adadin da aka fi ambata shi ne kusan atimosfiya 200, wato ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa.

A gwada da lissafi. A ce an shigar da mol 100 na naitirojin da mol 300 na haidirojin, kashi 15 cikin ɗari suka haɗu a zagaye ɗaya. Mol 15 na naitirojin sun cinye mol 45 na haidirojin, an samu mol 30 na amoniya, an bar mol 85 da mol 255 ba su taɓu ba. A ido kamar asara ce. Sai dai amoniya na zama ruwa a digiri −33 a matsin iska na yau da kullum, a babban matsi kuma tun kafin a kai nan, alhali sauran biyun suna nan a iskarsu. Sai a sanyaya, a tace ruwan amoniya, a mayar da ragowar cikin tukunya tare da sabon mol 15 da mol 45. Da wannan juyi ake kai wa kusan kashi 97 a jimlace. Ke nan ƙarancin abin da zagaye ɗaya ke bayarwa ba ɓarnar kaya yake jawowa ba, kuɗin juya iskar da sanyaya ta yake ƙarawa, kuma injiniya ya fi damuwa da tan nawa ke fita a rana da abin da kowane tan ya ci.

Juyin ma yana da nasa cikas. Agon da misen da ke biyo iskar ba sa shiga haɗin, sai su yi ta taruwa suna rage wa naitirojin da haidirojin rabonsu na matsi. Dole a riƙa fitar da wani ɓangare na iskar, haidirojin mai tsada kuma ya bi shi, abin da ya sa masana'antun zamani ke tace shi daga wannan iskar su mayar da shi tukunya.