Ko Kun Sani?

Dankalin Turawan da ake samu a kasuwannin Gagarawa da Gumel yawanci daga Filato yake zuwa, kuma irin girkin da aka yi masa ne ke sauya yadda ake jinsa a baki. In aka dafa shi a ruwa, sitacin cikinsa yakan kumbura ya yi laushi, amma wanda aka yanka ƙanana yakan sha ruwa ya dagargaje. Turarawa a madambaci takan ɗan fi jan lokaci, sai dai yana fitowa da gari-gari bai farfashe ba. Suya kuwa busar da bayansa take yi ya yi ƙaras-ƙaras, cikinsa da taushi. In mai bai yi zafi ba, ko aka cika kasko, sai dankalin ya sha mai ya saki.