Likita ya sallame mu ba allura ba sirop: tarin jarirai da ake kira bironkiyolaitis

Ni nas ce a ɗakin yara, kuma a Agege nake zaune. Duk damina, daga ruwa ya kankama a Legas, ƙofar ɗakina ba ta hutawa. Kwanan baya maƙwabciyata ta shigo da ɗanta ɗan wata huɗu a kafaɗa, maigidanta na biye da ita rai a ɓace. Sun je asibiti da safe, sun bi layi, sun biya kuɗin kati, likita ya duba yaron ya ce su koma gida, a ci gaba da ba shi nono, a riƙa ɗiga masa ruwan gishiri a hanci. Shi ke nan.

"Anti Nas, ku duba mana fa," in ji maigidan. "Yaro ƙirjinsa na ƙara kamar mage, amma ko allura ɗaya ba a yi masa ba. Ko don an ga mu Hausawa ne?"

Na san inda wannan zargi ya samo asali, duk wanda ya zauna a kudu ya san shi. Amma a wannan karon likitan daidai ya yi. Abin da na ga ya gaza a kai shi ne bayani, don bai zaunar da su ya faɗa musu abin da za su sa wa ido ba.

A katin yaron an rubuta bironkiyolaitis. Ciwo ne na ƙananan hanyoyin iska da ke can cikin huhu, waɗanda a jikin jariri ba su kai kaurin tsinken tsintsiya ba. Ƙwayar bairos ce ke kawo shi, galibi wadda ake kira RSV, kuma kusan kowane yaro yakan gamu da ita kafin ya cika shekara 2. A jikin babba mura ce kawai. Shi ya sa sau da yawa yaya ne ko yayar da ke zuwa makaranta ke kawo ta gida, a sumbaci jariri, a goga masa. A jikin jariri kuwa, musamman ɗan ƙasa da wata 6, ƙwayar takan gangara ƙasa, bangon hanyoyin nan ya kumbura, majina ta cika su. Iska na shiga da ƙyar tana fita da ƙyar, shi ne wannan fito da kurkurar da uwa ke ji in ta kara kunne.

Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne yadda ciwon ke tafiya. Kwana ɗaya zuwa uku na farko mura ce da atishawa, wataƙila da ɗan zazzaɓi. Sai tari ya shigo, numfashi ya ƙara sauri. Tsananinsa yakan kai ƙarshe tsakanin kwana na 3 da na 5, daga nan ya fara sauka, amma tarin kan iya jan mako biyu zuwa uku. Wato yaron da aka duba a kwana na biyu aka ce ba komai, yana iya fin haka jigata jibi, kuma ba wai likita ya yi kuskure ba ne. Ɗan maƙwabciyata a kwana na biyu yake.

To me ya hana a ba shi magani? Antibayotik irin su amoksisilin bakteriya suke kashewa, ba ruwansu da bairos. In ka ba jariri su a wannan ciwon, abin da za ka iya samu shi ne gudawa, tarin kuma yana nan. Salbutamol, maganin asma da ake shaƙa ta nebulaiza, aikinsa ya saki tsokar da ta shaƙe hanyar iska. A asma tsokar ce matsalar. A nan kuwa kumburi ne da majina suka toshe hanya, sai ka ga an yi ta turara wa yaro magani, zuciyarsa na bugawa da sauri, toshewar ba ta motsa ba. Su deksametazon ma an gwada su a kan jarirai masu yawa, ba su rage kwanakin ciwon ba. Sirop ɗin tari da na mura da ake haɗawa a kemis kuwa, wannan ni ina hana shi kai tsaye. Wasu na sa barci, kuma jaririn da ke fama da numfashi ba a so a ƙara masa nauyin barci. Jikin yaron ne ke kashe ƙwayar da kansa. Namu shi ne mu tabbata yana samun iska da ruwa har ya gama.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce nas ta ce a daina shan antibayotik. Nimoniya da wannan ciwon suna kama da juna ƙwarai, kuma nimoniya na kashe yara a ƙasar nan. A ƙaramin asibitin unguwa, inda ba kayan bincike, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce yaro mai tari da saurin numfashi a ba shi amoksisilin. In ma'aikacin lafiya ya duba ya rubuta, a ba yaro har ya ƙare. Abin da nake ƙi shi ne a aika yaro kemis a ce "a haɗo na tari". Haka in da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya, kada a yi ta zato.

Na karɓi yaron na kwantar da shi a cinyata, na ɗaga rigarsa. Na ce wa uwar ta buɗe agogon wayarta. Ana ƙirga numfashi ne lokacin da yaro yake natse, ba yana kuka ba, kuma minti ɗaya cur, don numfashin jariri ba ya tafiya daidai, yakan yi sauri ya ɗan lafa. Ciki ya taso ya koma, ɗaya ke nan. Muka samu 46. Ga ɗan wata 2 zuwa wata 11, daga 50 ne ake cewa ya yi sauri. Ga wanda bai kai wata 2 ba, daga 60. Ƙirjinsa ba ya lotsawa, ya kama nono ya sha a gabana, yana bin fitila da ido. Na ce su kwana a gida.

Na nuna mata yadda za ta ɗiga ruwan gishirin hanci na kemis, ɗigo ɗaya ko biyu kowane ɓangare, jim kaɗan kafin shayarwa. Jariri da hanci ya fi yin numfashi, in ya toshe sai ya rasa yadda zai haɗa tsotso da shaƙar iska, ya kama nono ya saki ya yi kuka. A ba shi kaɗan-kaɗan, akai-akai. Farasitamol sai in jiki ya yi zafi ya hana shi sakat. Sannan na roƙi a fitar da kaskon turaren wuta, a daina kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakin, a sa gidan sauro. Ɗaki ɗaya ne, janareton maƙwabta kuma a bakin taga yake. Kakar yaron ta kira daga gida ta ce a shafa masa man zafi a hanci, a ba shi zuma, in bai daina ba a nemi wanzami ya duba belu. Na karɓi wayar na gaishe ta, na ce, "Hajiya, ku yi mana haƙuri da waɗannan tukuna." Man zafi na ƙara fusata hancin jariri, zuma ba a ba wanda bai shekara ba, belu kuma ba shi da hannu a ciwon da ke cikin huhu.

Daren kwana na huɗu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ta sake ƙwanƙwasa mini. Wallahi tun daga bakin ƙofa na ji sautin ya canza, kowane fitar numfashi da ɗan nishi. Na ɗaga riga. Ƙasan haƙarƙarinsa na faɗawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ƙofofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, kansa na ɗan gyaɗawa tare da numfashin. Muka ƙirga, 68. Na tambaye ta nono fa? Ta ce tun la'asar in ya kama ba ya minti ɗaya. Famfas fa? Wanda ta sa masa tun hantsi har yanzu a bushe yake.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti. Lotsawar ƙirji da nishi na nufin yaro na aiki da duk ƙarfinsa don ya sami iska, kuma jariri ba ya daɗewa a haka, gajiya yake yi. Shan da bai kai rabin abin da ya saba ba, ko awa 12 ba fitsari, na nufin ruwan jikinsa ya fara ƙarewa. Akwai kuma waɗanda ba a tsayawa ko neman mayafi: numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci, yaro ya yi laushi a kasa tashinsa, ko launinsa ya sauya. A fatarmu ba a ganin wannan sauyi a kumatu, sai a buɗe baki a duba harshe da dasashi, in sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Kuma a yi hattara da yaron da ke ta haki sai kawai ya yi shiru ya lafa. Wani lokacin ba sauƙi ba ne, ƙarfi ne ya ƙare.

Maigidan ya ce ko a bari gari ya waye. Na ce, "Malam, yanzu hanya a buɗe take. Da safe kun san goslo." Muka tafi.

A ɗakin gaggawa na yara aka maƙala masa ɗan abin auna iska a ƙafa, ya nuna 87. Ƙasa da 90 ana sa oksijin. Aka sa masa siririyar roba a hanci, aka zuƙe majinar da ta toshe gaba, aka zura wata robar ta hanci zuwa ciki. Uwar na tatsar nono a kofi ana ba shi ta nan, don ya huta da wahalar tsotso. Da ya kasa ɗaukar wannan, da sai a sa masa ƙarin ruwa. Kun ga ko a asibitin ma ba wani maganin kashe ciwon aka ba shi ba, iska ce da abinci da sa ido. Bambancin shi ne waɗannan ukun ba a iya yinsu a ɗaki in abin ya kai nan. Kwana uku ya yi, aka cire oksijin, ya riƙe iskarsa da kansa har cikin barci, ya koma kama nono, aka sallame su. Tarin bai rabu da shi ba sai bayan kusan mako biyu, kuma ba a sake ba shi komai a kai ba.

Da a ce ɗan wata ɗaya ne, ko bakwaini, ko mai ciwon zuciya tun haihuwa, ko yaron da ba ya ƙiba, da tun ranar farko ban ce su kwana a gida ba sai likitan yara ya sake ganinsa. Irin waɗannan, wani lokacin ɗaukewar numfashi ce alamar farko, tun kafin a ji tari sosai. Haka jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai 38, ko da mura ko babu, asibiti ne a ranar.