Yadda Ake Sa Bidiyon Waya A Allon Kwance Ba Tare Da Miƙa Hoto Ba

Bidiyon da aka ɗauka da waya a tsaye yakan zo da faɗin fiksel 1080 da tsawo 1920, wato ma'aunin 9:16. Allon talabijin da na kwamfuta kuwa a kwance suke, faɗinsu 1920, tsawonsu 1080, wato 16:9. Saboda haka duk mai son ya nuna bidiyon biki ko na walima a talabijin, ko ya haɗa shi da wanda aka ɗauka da kyamara, dole ya samo hanyar da tsayayyen hoto zai zauna a kwantaccen allo.

Hanyoyin uku ne: miƙawa, yankewa, da ciko. Miƙawa ita ce a ja hoton ta gefe da gefe har ya cika allo. Wannan yana ƙara faɗin komai fiye da ninki uku alhali tsawo bai canza ba, sai fuska ta baje, dogon mutum ya koma gajere mai ƙiba. Ana gane miƙaƙƙen bidiyo ne ta duban abin da aka san zagayayye ne, kamar faranti ko tayar mota. Idan ya koma kamar ƙwai, to an miƙa hoton. Yankewa kuma ita ce a datse sama da ƙasa a bar tsakiya. Siffa ba ta lalacewa, amma kusan kashi biyu cikin uku na hoton ya tafi, sau da yawa har da kawunan mutane.

Ciko shi ne a rage hoton gaba ɗayansa, faɗi da tsawo daidai wa daida, har tsawonsa ya yi daidai da na allo, sannan a cike gurbin da ya rage a dama da hagu da launi. Lissafin ba shi da wuya. Idan tsawo ya sauko daga 1920 zuwa 1080, faɗi zai sauko daga 1080 zuwa 607.5. Tsarin H.264 da yawancin wayoyi ke aiki da shi yana bukatar adadin da ke rabuwa biyu ba saura, don haka ake mayar da shi 608. In aka cire 608 daga 1920, saura 1312, wanda za a raba biyu: fiksel 656 a dama, 656 a hagu.

Manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, tana yin wannan aiki da layi ɗaya:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -vf "scale=-2:1080,pad=1920:1080:(ow-iw)/2:0:black,setsar=1" -c:a copy sabo.mp4
```

Sashen `scale=-2:1080` yana mayar da tsawo 1080, ya bar manhaja ta lissafa faɗin da ya dace, mai rabuwa biyu. Sashen `pad` shi ke shimfiɗa baƙin allo mai 1920 da 1080, ya ajiye hoton a tsakiyarsa. Shi kuwa `-c:a copy` yana kwafe sauti yadda yake ba tare da an taɓa shi ba. A manhajojin tace bidiyo na waya da kwamfuta, ana fara zaɓen 16:9, sannan a zaɓi `Fit`, domin `Fill` yankewa yake yi, `Stretch` kuma miƙawa.

Ciko yana da nasa farashin. Hoton bai wuce kashi ɗaya cikin uku na allo ba, ragowar duk fanko ne. Shi ya sa tashoshin labarai kan cike gefen da kwafin bidiyon da aka faɗaɗa aka dusashe, maimakon baƙi. Wannan ya fi daɗin kallo, sai dai motsin da ke gefe yakan ɗauke hankali, kuma fayil ɗin yakan fi nauyi, tunda baƙi zalla ba ya cin wuri sosai.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na farko, a yi ciko daidai amma talabijin ta sake faɗaɗa hoton saboda an bar ta a kan `Zoom`, wanda maganinsa shi ne a mayar da ita `16:9`. Na biyu, a ɗauki bidiyon da aka riga aka yi wa ciko a ɗora shi a TikTok ko a matsayin WhatsApp. A nan wayar za ta ƙara nata cikon a sama da ƙasa, hoton ya koma ɗan mitsitsi da baƙi ta kowane gefe, domin cikon farko ya riga ya zama ɓangaren hoton. Don haka ake adana asalin fayil ɗin daban: na tsaye domin waya, mai ciko domin babban allo.