Hoton Na'ura da Haƙƙin Mai Saye

A kasuwa ta gargajiya mai saye ya kan ɗauki haja da hannunsa, ya jinjina nauyinta, ya fita da ita rana ya ga launinta, sa'an nan ya yi tayi. A cinikin intanet kuwa, hoto ne ya ke tsayawa a madadin ido da hannu baki ɗaya. Saboda haka hoton haja shaida ce da mai sayarwa ya ke bayarwa game da abin da ke cikin shagonsa, kuma shaida tana iya zama gaskiya, tana iya zama zur.

Yaudara da hoto ta girmi na'ura mai ƙwaƙwalwa. A ƙarshen shekarun 1960 an gano cewa masu shirya wa kamfanin Campbell na Amurka tallar miyar gwangwani su kan zuba ƙananan ƙwallayen gilashi a gindin kwano, don kayan lambu su taso sama, miyar ta yi kama da mai kauri. Hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta shiga maganar, a 1970 aka kammala yarjejeniya cewa kamfanin zai daina. Abin lura a nan shi ne, miyar ta gaske ce, hoton ma na gaske ne, amma abin da ya shiga zuciyar mai kallo ƙarya ne. Abin da ya sauya a yau shi ne, aikin da dā sai an tara gwanaye, yanzu ɗan tireda ma zai yi shi a wayarsa. Alal misali, a watan Oktoba na 2023 kamfanin Amazon ya fito wa masu talla da wata hanya ta ƙirƙirarriyar basira, wadda ke ɗaukar hoton haja tsurarta ta ƙaga mata ɗaki ko kicin da za ta zauna a ciki.

Ya kamata a fahimci yadda na'urar ta ke aiki, domin a nan matsalar ta samo asali. An horar da ita da miliyoyin hotuna, har ta koyi abin da ido ya saba gani. Idan aka ba ta hoton haja, sai ta yanke shi daga bayansa, ta zana sabon wuri kewaye da shi. Ba ta auna hajar ba, ba ta taɓa ta ba. Burinta shi ne hoto ya fito da tsari, watau abin da ya yi kama da gaskiya ta ke nema, ko ya dace da kayan da ke cikin kwali ko bai dace ba.

A ɗauki misalin mai sayar da kafet na tsakar ɗaki, mai faɗin santimita 120 da tsawon 170, launinsa ja mai duhu, gashinsa gajere. Ya ɗauki hotonsa a shago, ya umarci na'ura ta shimfiɗa shi a falo mai kyau. Na'urar ta saba ganin falon da kafet ya shige ƙarƙashin doguwar kujera mai cin mutum uku, ya kuma zarce ta hagu da dama, saboda haka sai ta zana shi haka. Irin wannan kujera ta kan kai kamar mita biyu a tsawo, ke nan mai kallo zai ƙaddara kafet ɗin ya kai mita biyu a faɗi da mita uku a tsawo. Idan aka yi lissafi, na gaske zai rufe fili murabba'in mita biyu da ɗan ɗoriya, na hoto kuwa murabba'in mita shida. Mai saye ya biya yana tsammanin kusan ninki uku na abin da za a kawo masa. Ko da an rubuta awon daidai a can ƙasa da ƙananan haruffa, laifin bai gushe ba, domin ido ya kan riga karatu yanke hukunci.

Sai maganar launi. Don kafet ya saje da sabon falon, na'ura ta kan sake masa haske. Idan ta zana hasken yamma yana shigowa ta taga, jan nan mai duhu sai ya koma ja mai haske, ya karkata wajen ruwan goro. Masu sayarwa su kan fake da cewa ai fuskar kowace waya da yadda ta ke nuna launi. Wannan gaskiya ne, amma bambancin waya da waya abu ne da ya fi ƙarfin mai haja, sauya launi tun daga tushe kuwa aikin hannunsa ne, kuma shi ne zai amsa tambaya a kansa.

Na uku, wanda ya fi wuyar ganewa, shi ne inganci. Idan hoton asali bai fito tangaram ba, a kan sa na'ura ta ƙara masa kaifi. To, abin da kyamara ba ta kama ba, babu inda za a samo shi sai ta hanyar ƙage. Na'urar za ta cike gurbin da irin gashin da ta saba gani a kafet masu tsada, mai tsawo, mai laushi, ta miƙe ɗinkin baki da ya karkace, ta share zaren da ya zare. Hausa tana da suna ga wannan tun kafin zuwan kyamara, watau algus: a ɗora kyawawan tumatir a saman kwando, a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa.

Daga wannan misali ana iya fitar da iyaka. Na'ura tana da izinin taɓa abin da ke kewaye da haja, kamar bango, da daɓe, da tarkacen shago, muddin hakan bai sauya yadda za a ƙiyasta girmanta ba. Amma abin da ake biyan kuɗi dominsa, wato awo, da launi, da saƙa, da aibin da ke jiki, wannan ba a taɓa shi. Mai sayarwa zai iya gwada kansa da tambaya guda: in an ajiye kafet ɗin kusa da hotonsa, mai saye zai yarda cewa abu ɗaya ne? Don cika wannan sharaɗi, ya kamata hoton farko ya zama na kyamara, a hasken rana, a sa tef na awo a gefe, a kuma ƙara wani da aka ɗauka kusa-kusa don saƙar ta fito. Hoton falo ya biyo baya, bayan an daidaita girman kafet da na kujera.

Wasu na ganin rubuta cewa na'ura ce ta ƙaga hoto ya wadatar. Lalle Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 wadda ta tanadi sa wa irin waɗannan hotuna alama. Sai dai alama tana bayyana yadda aka yi hoto ne kawai, ba ta gaya wa mai saye cewa kafet ɗinsa zai zo sulusin wanda ya gani. Dokar Nijeriya ta 2018 kan gasar kasuwanci da kare masu saye ta haramta bayanin haja mai ɓatarwa, kuma uzurin cewa na'ura ce ta yi kuskure ba shi da ƙarfi, tun da mutum ne ya duba hoton ya kafa shi.

Shi ma mai saye yana da dabarun kare kansa. Ya gwada haja da abin da ya san awonsa a cikin hoton, kamar ƙofa, wadda ta kan kai kimanin mita biyu a tsayi. Ya duba ko zanen kafet ɗin iri ɗaya ne a dukan hotuna, domin na'ura ta kan sauya shi daga hoto zuwa hoto. Ya lura da inuwa, da inda bakin kafet ya narke cikin daɓe. In har shakka ta rage, sai ya nemi a aiko masa da ɗan bidiyo na hajar tare da tef a kanta kafin ya biya.