Rasit Uku, Bayani Biyu: Yadda Ranki Ke Tona Asirin Maimaici a Lissafi

A ce mutum uku sun yi sayayya a shago ɗaya, rana ɗaya, farashi bai canza ba. Na farko ya sayi mudun shinkafa 1, kwalbar man gyaɗa 2 da kwalin sukari 1. Na biyu ya sayi mudu 2, kwalba 1, kwali 3. Na uku kuwa mudu 4, kwalba 5, kwali 5. Kowa ya san jimillar kuɗin da ya biya, amma ba wanda ya tambayi farashin kowane kaya. Shin da rasit ukun nan za a iya gano farashin shinkafar, da man, da sukarin?

Wanda ya yi lissafin sakandare zai ce ai abu uku ake nema kuma ga bayani uku, magana ta ƙare. To, ba ta ƙare ba. Mutum na uku bai kawo sabon labari ba, domin abin da ya saya daidai yake da ninki biyu na kayan na farko a haɗa da na mutum na biyu. Wanda ya san kuɗin biyun farko ya riga ya san na ukun. Rasit uku ne a hannu, bayani kuwa biyu ne kacal.

Masana lissafi suna kiran jerin lambobi irin (1, 2, 1) bekta. Idan a cikin tarin bektoci akwai ɗaya da za a iya ƙera ta daga sauran, ta hanyar ninka su da wasu lambobi sannan a tara, ana cewa tarin yana da dogaro da juna. Idan babu ko ɗaya da za a iya yi wa haka, bektocin masu cin gashin kansu ne. Wahalar ita ce ido ba ya ganin wannan cikin sauƙi. A bekta biyu, abin dubawa kawai shi ne ko ɗaya ninkin ɗayar ce. Daga uku zuwa sama wannan dabara ba ta isa ba, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke zamewa: a misalinmu babu bektar da ta zama ninkin wata, amma duk da haka dogaron yana nan.

Hanyar da ba ta buƙatar canki-canki ita ce a jera bektocin cikin matiriks, wato teburin lambobi, kowace bekta a layinta:

```
1  2  1
2  1  3
4  5  5
```

Daga nan sai a shiga share lambobi daga sama zuwa ƙasa. Abu uku aka yarda a yi: a musanya wurin layi biyu, a ninka layi da lambar da ba sifili ba, ko a cire ninkin wani layi daga wani. Babu ɗaya cikinsu da ke ƙara bayani ko rage shi, siffa kawai suke canzawa, kuma wannan ne ya sa aka amince da sakamakon.

Muna so lambobin da ke ƙarƙashin 1 na farko su koma sifili. A cire ninki 2 na layin farko daga na biyu, sai ya zama (0, −3, 1). A cire ninki 4 na layin farko daga na uku, shi ma sai ya zama (0, −3, 1). Asiri ya fara tonuwa ke nan. Da an cire sabon layi na biyu daga na uku, ga abin da zai rage:

```
1   2  1
0  -3  1
0   0  0
```

Yawan layukan da suka tsira ba tare da sun koma sifili gaba ɗaya ba, shi ne ranki, wanda littattafai ke rubutawa `rank(A)`. A nan 2 ne. Hukuncin kuma gajere ne: idan ranki ya yi daidai da yawan bektocin, masu cin gashin kansu ne, idan ya gaza, akwai dogaro. Bektoci 3, ranki 2, saboda haka akwai maimaici. Abin da ya fi burge ni a wannan hanya shi ne ba ta tsaya ga cewa akwai matsala ba, har wurin take nunawa. Idan aka bi sawun matakan a baya, za a ga an cire na farko sau 4, sannan an cire na biyu wanda shi kansa an rage masa na farko sau 2, wato dai bekta ta uku ita ce ta farko sau 2 a tara da ta biyu.

Yanzu a ce mutum na uku kwalin sukari 6 ya saya maimakon 5. Layinsa zai zama (0, −3, 2), bayan cirewa ta ƙarshe kuma ya rage (0, 0, 1). Ranki ya koma 3, kuma kowane farashi zai fito, amsa ɗaya tak. Kwali ɗaya ya sauya hukuncin.

Dabarar share layukan tana ɗauke da sunan Bajamushe Carl Friedrich Gauss, wanda ya rayu daga 1777 zuwa 1855, amma ta girme shi nesa ba kusa ba. Tana cikin babi na takwas na wani littafin lissafi na ƙasar Sin mai babi tara, wanda ya kai shekara dubu biyu a duniya, kuma matsalar farko a babin ta damman hatsi ce iri uku. Ranki kuwa a matsayin ma'auni mai sunansa, Ferdinand Georg Frobenius ne ya shigo da shi a 1879.

Akwai wuraren tuntuɓe. Idan lambar da za a yi shara da ita ta zama sifili, ba a tsayawa, musanya layi ake yi a ci gaba. Ko a kwance aka jera bektocin ko a tsaye, ranki ɗaya zai fito, amma dole a gwada shi da yawan bektocin, ba da yawan lambobin da ke cikin kowace ba. Bekta biyu masu lamba biyar-biyar, idan rankinsu 2 ne, masu cin gashin kansu ne, ba sai ya kai 5 ba. Haka kuma bekta huɗu masu lamba uku-uku ba sa buƙatar wani lissafi: ranki ba zai wuce 3 ba, don haka dogaro ya tabbata tun kafin a ɗauki biro. Tarin da ke ɗauke da bektar sifili zalla shi ma haka yake.

Tuntuɓen da ya fi haɗari shi ne na ƙiyasta lamba. Ɗauki (3, 1) da (1, 1/3). Ta biyu kashi ɗaya cikin uku ce ta farko, rankinsu 1. Amma wanda ya rubuta 0.33 a madadin 1/3 zai samu ragowar kusan −0.0033 a inda ya kamata sifili ya fito, sai ya yanke cewa ranki 2 ne, alhali ba haka ba ne. Kwamfuta ma ba ta tsira daga wannan ba, domin ita ma yanke wutsiyar lambobi take yi. Shi ya sa manhajar NumPy ba ta bin hanyar share layi wajen auna ranki. Wata hanya take bi mai suna SVD, kuma duk ƙimar da ta gaza wani ɗan ƙaramin mizani sai ta ɗauke ta a matsayin sifili:

```python
import numpy as np
A = np.array([[1, 2, 1], [2, 1, 3], [4, 5, 5]])
print(np.linalg.matrix_rank(A))
```

Amsar da za ta fito ita ce 2. Sai dai mizanin da ta zo da shi na kurakuran cikin kwamfuta ne kawai, ba zai yafe kuskure mai girman 0.33 ba. Idan lambobinka daga sikeli ko wani awo suka fito, sai ka sa naka mizanin ta hanyar `tol`, gwargwadon ingancin awon. Idan kuma da hannu kake aiki, ka bar 1/3 a matsayin 1/3 har zuwa layin ƙarshe.