Gawut: Abin da Za Ka Ci, da Abin da Za Ka Sha

Kwana uku bayan Babbar Sallah, wani kawuna ya farka da tsakar dare yana salati. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana ƙyalli, ko zanen rufa ya taɓa shi sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Da gari ya waye wasu suka ce targaɗe ne, wasu suka ce sanyin ƙashi. A asibiti likita ya duba yatsan, ya tambaye shi abin da ya ci a kwanakin nan, ya ce masa gawut ce. Idan kai ma an faɗa maka haka kwanan nan, ga abin da nake so ka fahimta kafin masu ba da shawara su ruɗa ka.

Akwai wani sinadari da ake kira fiyurin, yana cikin ƙwayoyin halittar jikinmu, yana kuma cikin abinci. Idan jiki ya gama amfani da shi, sai ya mayar da shi wani datti mai suna yurik asid, wanda ƙoda ke fitar da mafi yawansa ta fitsari. In ya taru a jini ya haura kimanin miligiram 6.8 a kowace desilita, sai ya fara daskarewa, kamar yadda sukari ke kwanciya a gindin kofi idan ya yi wa shayi yawa. Abin da ke daskarewar siffar allurai gare shi, ƙanana ƙwarai, kuma sun fi son gaɓar da ta fi sanyi, wadda ta fi nisa da zuciya. Shi ya sa babban yatsa ke fara shan wuya, kuma galibi da dare.

Kawu ya ɗora laifin duka a kan naman layya, kuma yana da rabin gaskiya. Kwana uku yana cin soyayyar hanta da ƙoda da farfesun kayan ciki, ga lemon kwalba ana ta kawowa, ga zafin rana, shi kuma bai damu da shan ruwa ba. Waɗannan su suka tayar da ciwon. Amma asalin matsalar ta daɗe a jikinsa, domin mafi yawan yurik asid jiki ne ke ƙera shi da kansa, kuma a wajen yawancin masu wannan cuta ƙodar ce ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Sau da yawa ma gado ne. Saboda haka kada ka ɗauka kwaɗayinka ne kawai ya jawo maka, kada kuma ka zaci ƙaurace wa nama zai warkar da kai.

To me za ka bari? Kayan ciki su ne kan gaba: hanta, ƙoda, zuciya da makamantansu. Sai kifin gwangwani irin sadin, da jatan lande. A kula da romo kuma, domin fiyurin na narkewa a ruwa idan nama ya dahu, don haka wanda ya ture tsoka ya shanye romon bai tsira ba. Jan nama, na sa ko na rago ko na akuya, ba a ce ka daina ba, a rage ne. Yanka kamar tafin hannunka ya isa, kuma ba kullum ba. Tsire da kilishi da balangu duk a wannan lissafi suke.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake hana majinyata wake. Gaskiya ne akwai fiyurin a cikin wake da alayyahu, amma an gano cewa na tsirrai ba ya tayar da gawut kamar na nama. Ka ci ƙosanka da alale da miyar ganye hankali kwance. Ƙwai ba shi da matsala. Nonon da aka cire wa mai kuwa taimako yake yi, yana sa ƙoda ta ƙara fitar da yurik asid, sai dai kada a cika wa furar sukari. Sukari, musamman na lemon kwalba da na ruwan 'ya'yan itace na kwali, ba shi da fiyurin, amma idan hanta na sarrafa shi sai jiki ya ƙera ƙarin yurik asid. Zoɓo da kunun aya ma, in an zabga musu sukari, sun shiga sahu.

Ruwa kuwa shi ne mai wanke ƙoda. Ka nemi shan lita biyu zuwa uku a yini, wato ledar fiya wata huɗu zuwa shida, ka ƙara a lokacin bazara ko in aikinka na gumi ne. Kalar fitsarinka za ta nuna maka: in ya yi fari-fari ka sha isasshe, in ya yi duhu kamar shayi da saura. Da azumi, ka rarraba shan tsakanin buɗa-baki da sahur, kada ka ɗura shi a zama ɗaya. Amma mai ciwon zuciya ko ciwon ƙoda da likita ya ƙayyade masa ruwa, maganar likitansa zai bi.

Sai batun barasa, wanda ake jin nauyin faɗa a tsakaninmu. Wanda ba ya sha, an rage masa aiki. Wanda yake sha kuwa, ya gaya wa likita gaskiya, domin maganar ba za ta wuce ɗakin ba, ɓoyewar kuma gaɓoɓinsa za ta cuta. Barasa na yin ɓarna ta hanya biyu: tana sa jiki ya ƙera yurik asid, tana kuma hana ƙoda fitar da shi, ga ta da ƙarar da ruwan jiki. Giyar kwalba ta fi muni, saboda ita da kanta tana ɗauke da fiyurin daga yis ɗin da aka haɗa ta da shi. Burukutu da ogogoro ba su kuɓuta ba. Zama ɗaya na sha da yawa kan iya tayar da ciwon cikin kwana ɗaya ko biyu. Lemon malta da wasu ke komawa gare shi ba barasa ba ne, amma cike yake da sukari.

Gwajin kawu ya nuna miligiram 9. Gyaran abinci, ko an yi shi da gaske, yakan rage kamar miligiram 1 ne kawai, alhali ana so a sauko ƙasa da 6 kafin allurai su fara narkewa. Ka ga tazarar. Da ciwon ya sake dawo masa bayan wata huɗu, likita ya ɗora shi a kan alofurinol, ya fara da miligiram 100 yana ƙarawa sannu a hankali bisa ga gwajin jini. Ya kuma canja masa maganin hawan jini, domin wanda yake sha irin mai sa fitsari ne, kuma irin wannan na ɗaga yurik asid. A watannin farko ciwon ya taso sau ɗaya, kawu ya so ya yar da maganin. Likita ya ce masa: "Alhaji, tsoffin allurai ne ke motsi suna narkewa, kada ka tsayar." Ya ci gaba da sha, yana ajiye gorar ruwa kusa da tabarmarsa.

In ciwon ya taso maka, ka ɗaga ƙafar, ka ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, ka sha maganin da aka rubuta maka da wuri. Kada ka riƙa sayen diklofenak a kemis kana haɗiya kai-tsaye, yana lahanta ƙoda da ciki. Idan kuma kumburin ya zo da zazzaɓi da rawar ɗari, ka tafi asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta a cikin gaɓa na iya kama da gawut, kuma tana lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki.